Wa'azi ɗaya a siga uku: tambayoyi da amsoshi kan gajeren bidiyo na tsaye, dogon bidiyo da sauti zalla

Matasan da ke ɗaukar karatun malamai a masallatan Maraɗi, daga unguwar Zariya zuwa Ali Ɗan Sofo da Mokoyo, sukan yi tambayoyi iri ɗaya idan aka zo batun raba wa'azi guda zuwa gajeren bidiyo na tsaye, dogon bidiyo na kwance, da kuma sautin da za a tura a WhatsApp ko a zuba a katin memwar. Domin amsoshin su tsaya a kan abu guda, an ɗauki misali ɗaya an bi shi har ƙarshe: karatu na minti 41 da wani malami ya yi bayan la'asar a kan algus a ciniki, inda ya fara da ayoyin farko na Suratul Muɗaffifina, sannan ya kawo hadisin mai tarin abinci.

Da wanne ya kamata a fara, gajeren ko dogon?

Ba a farawa da ko ɗaya daga cikinsu. Ana farawa ne da zama a saurari karatun tun daga bisimilla har addu'ar rufewa, da takarda da biro a hannu, ana rubuta mintin da kowace magana ta fara da mintin da ta ƙare. A misalinmu takardar ta fito kamar haka: daga farko zuwa 4:30 buɗe majalisi ne da gaisuwa, daga 4:30 zuwa 11:00 bayanin ayoyin tauye mudu, daga 11:00 zuwa 19:40 hadisin da sharhinsa, daga nan zuwa 24:00 lasifika ta yi ta katsewa, malam yana maimaita abin da ya riga ya faɗa, daga 24:00 zuwa 33:00 tambayoyin jama'a, saura kuma sanarwa da addu'a.

Wannan takarda ita ce uwar aikin, domin kowace siga daga cikin ukun a kanta za a tsara ta, kuma kowace daga asalin ɗaukar za a yanko ta. Kuskuren da ya fi yawa shi ne a gama dogon bidiyo, a ɗora shi, sannan a sauko da shi a yanki gajere daga jikinsa, daga baya a zare sautin gajeren a tura wa mutane. Duk lokacin da aka sake fitar da fayil, manhaja tana sake matse shi, hoton ya dushe, muryar ta fara yin kamar ana magana a cikin tulu. Abin da ya fi wannan muni kuwa shi ne, duk jumlar da aka zubar a yankan farko ba za ta sake dawowa ba, ko da ita ce sigar ta biyu ta fi buƙata.

Ta yaya za a zaɓi sakan 50 ko 60 daga karatun minti 41 ba tare da an canza maganar malam ba?

Nan ne aikin ya fi nauyi, kuma nan ne aka fi yi wa malamai ɓarna ba da gangan ba. Mai yanka yakan nemi wurin da murya ta ɗaga, jama'a suka yi kabbara, ya ɗauka nan ne zuciyar karatun. Sau da yawa wurin da murya ta ɗaga hukunci ne tsirara, sharaɗin hukuncin kuwa yana can gaba da minti uku ko huɗu, inda malam ya sassauta murya yana bayani.

Ga yadda abin yake a misalinmu. Hadisin, wanda Imamu Muslim ya ruwaito daga Abu Huraira, yana cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya wuce ta wurin wani tarin abinci, ya sa hannunsa a ciki, sai yatsunsa suka taɓa danshi. Ya tambayi mai abincin, mutumin ya ce ruwan sama ne ya taɓa shi. Sai ya ce masa me ya sa bai sa jiƙaƙƙen a sama ba domin mutane su gani, sannan ya ce wanda ya yi algus ba ya tare da shi. A minti na 13:05 malam ya kawo wannan ga ƴan kasuwar hatsi, ya ce da ƙarfi mai zuba jiƙaƙƙen gero a buhu ya ji tsoron Allah. Idan aka yanke daga 13:05 zuwa 13:40 aka tsaya, duk wanda ya kalla zai tafi da fahimtar cewa sayar da geron da ruwa ya taɓa haramun ne. Alhali a 17:10 malam ya faɗa a fili cewa wanda ya buɗe buhu ya nuna wa mai saye aibin, suka daidaita a kan farashi, babu laifi a cinikinsa, domin abin da aka hana shi ne ɓoyewa. Wannan jumla ta sakan 20 ita ce ma'anar hadisin, kuma ita ce mai yanka da gaggawa zai bari a baya.

Saboda haka gajeren bidiyon ya zama gaɓa biyu da aka haɗa: sakan 35 daga 13:05, da sakan 20 daga 17:10, jimla sakan 55. Ƙa'idar da nake bi ita ce, kowane gajeren bidiyo ya ɗauki abu uku: abin da aka ce a yi ko a bari, dalilin da aka kafa a kai, da sharaɗin da ya iyakance shi. Idan ukun ba su shiga cikin minti ɗaya ba, to wannan mas'ala ba ta gajeren bidiyo ba ce, a bar ta ga dogon, a nemi wata. Mas'alolin gado da na saki da na kaffara kusan kullum a wannan rukuni suke faɗawa.

Akwai wani tarko na biyu da ya kamata a kiyaye. Malamai sukan hakaito maganar da za su rusa, kamar inda malaminmu ya ce a 15:30, wasu suna cewa kasuwa ai wayo ce, mai saye ya buɗe idonsa. Idan yankan ya faɗo a bayan "wasu suna cewa", maganar ta koma bakin malam, kuma a haka za ta zagaya gari. Gwajin da ya fi sauƙi shi ne a ba wani wanda bai halarci karatun ba ya kalla sau ɗaya, a tambaye shi me malam ya ce a yi, me ya ce a bari. Idan amsarsa ta saɓa da abin da ke kan takarda, yankan ne da laifi, ba mai kallon ba.

Shin haɗa wurare biyu na karatu a bidiyo ɗaya bai zama sa wa malam magana a baki ba?

Zai zama haka idan aka sauya jerin maganar, ko aka ɓoye cewa an yi yanka. Muddin gaɓar da ta gabata a karatu ita ce ta gabata a bidiyo, kuma mahaɗar tana bayyane, babu yaudara a ciki. Ni na fi son mai kallo ya ga hoton ya ɗan yi tsalle a sakan na 35, a kan a lulluɓe wurin da hoton kasuwa har ya zaci numfashi ɗaya ne. Bayan haka, malam da kansa ya kalli bidiyon kafin ya fita. Wannan ba ladabi kaɗai ba ne: shi ne zai amsa tambaya a kansa idan ya fito sallar asuba, kuma shi ya fi kowa sanin ko wata kalma da aka zubar tana ɗauke da hukunci.

Aya ko hadisi da Larabci fa, a bar su a gajeren bidiyo ko a wadatu da fassara?

Idan ayar gajeriya ce, a bar ta cikakkiya tare da fassararta. Idan doguwa ce har za ta cinye rabin lokacin, a fara daga fassarar malam, a rubuta sunan sura da lambar aya a jikin hoton. Abin da ba a yi shi ne a datse aya a tsakiya, ko a tsaya inda ma'ana ba ta cika ba. Kowane ɗalibi ya san misalin Suratul Ma'un, inda aya ta 4 take ambaton azaba ga masu sallah, sai aya ta 5 ta bayyana cewa waɗanda suke sakaci da sallarsu ake nufi. Haka ayar farko ta Muɗaffifina take: ayoyi na 2 da na 3 su ne suka faɗi ko su wane ne masu tauyewar, don haka ukun tare suke tafiya.

Kada kuma a ƙara saurin bidiyo a wurin tilawa domin a sami sakan biyar, kuma kada a bar manhaja ta cire shiru da kanta a wannan wuri, domin saurin yana gajarta madda, cire shirun kuma yana haɗe wuraren tsayawa. Game da rubutun Larabci a jikin hoto, wasu manhajoji suna wargaza haruffan ko su juya jerinsu daga hagu zuwa dama, wanda bai iya karantawa ba kuwa ba zai lura ba. A nuna wa mai ilimi kafin a fitar. Haruffanmu masu lanƙwasa ma suna da irin wannan matsala: salon rubutu da yawa ba su da ƙ da ɗ da ɓ, sai su fito da ɗan akwati a gurbinsu, saboda haka a gwada rubuta "ƙarya" da "ɓoye" tun kafin a zaɓi salon.

Waya ɗaya gare mu. A kwance za mu ɗauka ko a tsaye?

A kwance, amma da sanin abin da za a rasa. Bidiyon kwance na yau da kullum faɗinsa ɗigon hoto 1920 ne, tsayinsa 1080. Na tsaye kuwa faɗinsa 1080, tsayinsa 1920, wato 9:16. Idan aka yanko tsakiyar na kwance domin a mai da shi na tsaye, abin da zai rage faɗinsa kusan 608 ne kawai a tsayi 1080, sai manhaja ta buɗa shi ya cika fuskar waya, shi ya sa fuskar malam take fitowa dishi-dishi. Idan wayar tana ɗaukar 4K, wato 3840 a 2160, yankin tsakiya zai kai 1215 a 2160, wanda ya wadatar har da ragi. Sai dai 4K yana iya cin mega 300 ko fiye a kowane minti, karatun minti 41 zai haura giga 12, kuma a zafin watan Afrilu da Mayu na Maraɗi waya tana iya yin zafi ta tsayar da ɗauka ana tsakiyar karatu. Wanda zai gwada ya cire rigar wayar, ya ajiye ta a inuwa, kada ya haɗa ɗauka da caji idan yana da zaɓi.

Idan 1080 kaɗai ke akwai, a matso da wayar kusa, malam ya kasance a tsakiyar hoton daga kai zuwa ƙirji, a bar sarari kaɗan a saman rawani ko hula. Malamin da ke zaune a buzu da littafi a gabansa yana da sauƙin yankowa. Mai wa'azi a tsaye, wanda ke kai da komo, shi ne ke fita daga siririn yankin, sai mai tacewa ya riƙa bin sa da hannu gaɓa bayan gaɓa. Ga irin wannan gara a ari waya ta biyu a kafa ta a tsaye, a tafa hannu sau ɗaya bayan an kunna duka biyun, domin a sami alamar daidaita sauti da hoto daga baya. Mai aiki da kwamfuta yana iya yanko tsakiyar da wannan umarni na manhajar ffmpeg:

```
ffmpeg -i asali.mp4 -vf "crop=ih*9/16:ih,scale=1080:1920" tsaye.mp4
```

Mai aiki da manhajar CapCut a waya kuwa zai zaɓi 9:16, ya ja hoton da yatsa biyu har ya cika fuskar.

Ina ake sa rubutu a bidiyo na tsaye, kuma dole ne a sa?

Ya kamata a sa, domin mutane da yawa suna kallo a shago ko a tasha ba tare da sun buɗe murya ba. TikTok da Facebook da YouTube duk suna ɗora nasu rubutun a ƙasan hoton, da maɓallai a gefen dama, saboda haka abin da aka rubuta a can ƙasa ɓacewa yake yi. A ajiye rubutun a daidai ƙirjin malam, layi biyu kawai a lokaci ɗaya, da manyan haruffa farare masu baƙin gefe. Sunan malam da sunan karatun su tsaya a sama tun daga farko har ƙarshe, ƙasa kaɗan da bakin hoton, ba a sakan biyun ƙarshe kaɗai ba, domin masu sake yaɗawa sukan datse ƙarshen. Iyakar tsawon da kowane dandali ke karɓa tana canzawa. YouTube, misali, ya ɗaga ta gajerun bidiyonsa zuwa minti 3 a Oktoban 2024. Wanda ya tsaya ƙasa da minti ɗaya dai ya huta da bin waɗannan sauye-sauye.

Dogon bidiyon ba karatun gaba ɗaya ba ne? Me za a cire?

Cikakken karatu yana da nasa amfani ga ɗaliban da ke bin littafi, kuma a adana shi. Amma dogon bidiyon da ake nufi a nan mas'ala ɗaya ce da aka kammala, ga mutumin da ya ga gajeren ya so ƙarin bayani. Daga minti 41 namu ya koma minti 16. An buɗe da bisimilla da salati kamar yadda malam ya yi, aka tsallake gaisuwar baƙi da jiran jama'a su zauna. Bayanin ayoyin ya koma minti 5, hadisin da sharhinsa minti 7 da rabi, sannan tambayoyi biyu da suka shafi batun kai tsaye: ta farko a kan mai haɗa tsohon wake da sabo a buhu ɗaya, ta biyu a kan dillalin da ya san aibin kaya alhali ba shi ne mai kayan ba. An rufe da gajeriyar addu'a. Mintunan da lasifika ta yi ta katsewa sun fita duka, haka ma sanarwar ɗaurin aure da ta gudummawar gini, waɗanda bayan mako ɗaya ba su da ma'ana ga kowa.

Tambayoyin jama'a suna buƙatar kulawa ta musamman. Mai tambaya yana nesa da makirufo, muryarsa ba ta fita, sai a ji malam yana ba da amsar tambayar da ba a ji ba. Maganin wannan tun a masallaci ake yin sa, a roƙi malam ya riƙa maimaita tambaya kafin ya amsa. Idan bai yi ba, a rubuta tambayar a jikin hoto. Idan kuma mai tambaya ya ambaci sunan wani ɗan kasuwa ko wata rumfa, wannan wuri ya fita ko da amsar ta yi daɗi, haka nan fuskar wanda bai san ana ɗaukarsa ba, musamman ɓangaren mata.

Abu biyu na YouTube suna da amfani a nan. Sabon asusu ba ya karɓar bidiyon da ya wuce minti 15 sai an tabbatar da shi da lambar waya, saboda haka namu mai minti 16 zai tsaya idan ba a yi wannan ba. Sannan idan aka jera lokuta a bayanin bidiyo, na farko ya fara da 0:00, aƙalla guda uku, kowane sashe bai gaza sakan 10 ba, dandalin yana raba bidiyon zuwa babi-babi, mai neman tambayar dillali ya tafi can kai tsaye.

Sautin ai zare shi kawai za a yi daga dogon bidiyon, ko ba haka ba?

Ba haka ba ne, kuma a ganina sautin ya fi sauran biyun cancantar a ba shi lokaci, domin shi ne ke zuwa inda bidiyo ba ya zuwa. Shi ne ɗan kabu-kabu ke ji yana jiran fasinja, shi ne ke kunne a ƙaramar rediyo mai katin memwar a ƙauyukan Madarunfa da Gidan Runji da Dakoro, kuma shi ne mace ke saurare tana aikin gida wayar tana kan taga. Duk waɗannan ba sa kallon komai, saboda haka duk abin da bidiyo ya dogara da ido a kansa ya ɓace musu.

A karatunmu, a minti na 8 malam ya ɗaga hannu ya kwatanta yadda mai awo ke danna babban yatsa a cikin tiya idan zai sayar, ya kuma tula ta har tana zuba idan zai saya, yana cewa kun ga haka, sannan kun ga haka. A bidiyo wannan shi ne wuri mafi armashi. A sauti kuwa "haka" da "haka" kawai za a ji, sai dariyar jama'a da ba a san dalilinta ba. Shi ya sa sautin bai ɗauki sashen ayoyin ba, ya tsaya a kan sashen hadisin, daga 11:00 zuwa 19:40, wanda labari ne da kunne ke iya bi shi kaɗai. Hanyar gano irin waɗannan wurare ita ce a kifa wayar a saurara ido rufe, a yi alama a duk inda aka ji "wannan", "nan", "kun gani" ko "kamar haka". Kowane ɗaya, ko dai a cire shi, ko a roƙi malam ya sake faɗin jumlar da cikakken bayani a ɗaki mai shiru.

Haka kuma sunan malam da aka rubuta a jikin hoto, da lambar aya, da tambayar da aka rubuta, babu ɗayansu da ya biyo sautin. Dole a faɗe su da baki. Namu ya fara da gabatarwa ta sakan 15, inda mai ɗauka ya faɗi sunan malam, da masallacin, da watan da aka yi karatun, da cewa wannan sashe ne na karatu a kan algus, ba dukkansa ba. A ƙarshe an sake faɗin sunan a taƙaice. Dalilin maimaitawar shi ne sauti yana yawo daga waya zuwa waya ta Xender da Bluetooth har asalinsa ya ɓace, bayan shekara a ji ana jingina shi ga wani malami dabam. Gaba ɗaya ya tashi minti 9.

Wane irin fayil ya dace da sautin, kuma nauyinsa nawa?

A fitar da shi mp3, domin ƙananan rediyoyi masu kati da wayoyi masu maɓalli duk suna karanta shi, alhali saƙon murya na WhatsApp a tsarin opus yake, wanda da yawansu ba sa buɗewa. Muryar mutum ɗaya ba ta buƙatar hanya biyu ta dama da hagu. Hanya ɗaya a 64 kbps ta isa. Lissafin mai sauƙi ne: 64 kbps kilobait 8 ne a sakan, wato kusan rabin mega a minti, saboda haka minti 9 zai tsaya a wajen mega 4.3. A 128 kbps zai ninka ba tare da kunne ya ji wani bambanci a lasifikar waya ba, kuma wanda ke sayen data ta dala ashirin ko arba'in yana jin wannan ninki a aljihunsa. Ga umarnin da ke fitar da irin wannan fayil a kwamfuta:

```
ffmpeg -i sauti.wav -ac 1 -ar 44100 -af loudnorm=I=-16:TP=-1.5 -b:a 64k algus.mp3
```

Sashen `loudnorm` yana daidaita ƙarfin muryar, domin gabatarwar da aka ɗauka a ɗaki da karatun da aka ɗauka a masallaci su zo daidai, kada mai sauraro ya ƙara murya a farko sannan ta fashe masa a kunne. A manhajar gyaran sauti ta Audacity ma akwai `Loudness Normalization` da ke yin wannan aiki, idan aka yi wa gabatarwar da karatun kowane daban. Wurin turawa a WhatsApp, a tura shi a matsayin `Document`, domin ta haka sunan fayil yake isa yadda aka rubuta shi. Idan aka tura shi a matsayin sauti, sunan yakan koma jerin haruffa da lambobi irin `AUD-` da kwanan wata. A sa sunan malam da batun a sunan fayil ɗin.

Muryar da muka ɗauka tana da amsa-kuwwa da ƙarar fanka. Ana iya gyarawa?

Ƙarar da ba ta canzawa, kamar ta fanka ko ta janareta, ana iya rage ta. A Audacity ana zaɓar sakan biyu ko uku da babu magana, a nuna wa `Noise Reduction` cewa wannan ce ƙarar, sannan a rage ta a hankali. Alamar an wuce gona da iri ita ce muryar ta fara ƙyalƙyali kamar ta cikin ruwa, haruffa irin su sin da shin da sad su narke, wanda a tilawa babbar asara ce. Amsa-kuwwa kuwa da wuya ta gyaru, domin ta riga ta cakuɗe da muryar kanta. Tana faruwa ne idan wayar tana nesa, tana ɗaukar abin da lasifikar masallaci ta fitar bayan ya daki bango ya dawo. Maganinta ƙaramin makirufo ne da ake maƙalawa a wuyan riga, kimanin taƙi ɗaya daga baki, ba a ƙarƙashin rawani ko mayafi ba, inda tufa za ta riƙa gogarsa. Idan babu shi, a ajiye waya ta biyu a kan abin ɗora littafi a gaban malam tana ɗaukar sauti kaɗai, a sa ta a yanayin jirgi domin kada kira ya katse ta.

Mummunan hoto mai kallo yana haƙuri da shi, amma mummunan sauti yana lalata sigogin uku a lokaci ɗaya. Saboda haka idan kuɗin da ke hannu jika biyar ne ko goma, makirufo ya riga fitila da ƙafar ɗora waya. Game da kiɗan da manhajoji ke tayin sakawa a ƙarƙashin murya, da amon da wasu ke ƙarawa domin wa'azi ya ratsa zuciya, kada a sa ko ɗaya sai da sanin malam. Da yawansu ba su yarda da shi ba, kuma yana danne kalmomi a ƙaramar lasifika.

Wanne za a fara saki, kuma yaya za a haɗa su?

Dogon ya fara fita, domin gajeren ya sami inda zai nuna. Idan aka saki gajeren tukuna, mai son ƙarin bayani zai nema ya rasa, kuma ba zai dawo gobe ya sake nema ba. Sautin yana iya fita rana ɗaya da dogon. Dukkan ukun su ɗauki take iri ɗaya, misali "Algus a ciniki: hadisin mai tarin abinci", domin wanda ya ji ɗaya ya rubuta taken ya sami sauran. A guji taken da ya fi maganar malam zafi, irin "Malam ya tona asirin ƴan kasuwar hatsi", domin malam bai tona asirin kowa ba, hadisi ya karanta, kuma ƴan kasuwar nan su ne sahun gaba a masallacinsa.

Idan an gano kuskure bayan an saki fa?

Dogon bidiyo da gajeren da ke shafinku ana iya cire su, a ɗora gyararru, a rubuta a bayani cewa an gyara wuri kaza. Sautin da ya shiga WhatsApp da katunan memwar kuwa ba ya dawowa, sai dai a fitar da sabo wanda gabatarwarsa ta faɗi a fili cewa ya maye gurbin na ranar kaza, a tura shi ta hanyoyin da na farkon ya bi. Domin wannan ne ake ajiye asalin ɗaukar ba tare da an taɓa shi ba, a wuri biyu, tare da hoton takardar mintuna. Idan wani ya yanki sakan 35 ɗin nan na jiƙaƙƙen gero shi kaɗai ya yaɗa, aka zo ana tambayar malam ko ya haramta sayar da hatsin da ruwa ya taɓa, takardar za ta nuna 17:10, a buɗe asalin a wannan minti a kunna wa mai tambaya.